Kuɗi na nan a asusu, amma kati ya ƙi biyan manhaja

"Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da atamfa da leshi a Agege, kuma akwai manhajar da nake gyara hotunan kaya da ita kafin in ɗora wa masu saye. Watan jiya na biya naira 6,500 a shafinsu da katina na Mastercard, banki ya turo min lamba na saka, komai ya tafi daidai. Wannan watan sai ga saƙo wai an ƙi katin, alhali akwai sama da naira 200,000 a ciki, kuma a ranar ma na sha mai da shi a POS. Na je banki aka duba aka ce asusuna lafiya lau. To ina gizo yake saƙar?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Wanda ya duba miki a banki bai yi ƙarya ba, asusunki lafiya lau yake. Sai dai ya duba asusu ne, ita kuwa matsalar a jikin kati take, kuma a cikin banki waɗannan abubuwa biyu ne daban, kowanne da na'urarsa da mutanen da ke kula da shi. Na shafe shekaru a sashen kati na wani banki a nan Legas, irin wannan koken kusan kullum sai ya zo teburina. A goma, da ƙyar ake samun biyu da rashin kuɗi ne sanadi.

Bari in fara da abin da ke faruwa a cikin daƙiƙa biyu ko ukun da kike kallon waya tana juyi. Kamfanin manhajar ba ya iya leƙa asusunki. Abin da yake yi shi ne ya miƙa bayanan katinki ga bankinsa, bankinsa ya miƙa wa Mastercard, Mastercard ta duba lambobin farko na katin ta gane wane banki ne ya ba ki shi, ta kai masa saƙon. Bankinki ne ke cewa eh ko a'a, amsar ta biyo hanyar da ta zo ta koma. To shi bankin ba ya fara tambayar nawa ne a asusu. Sai ya fara duba katin: yana raye ko wa'adinsa ya ƙare, an buɗe shi don sayayyar intanet, an buɗe shi don ƙasashen waje, ya cinye gejin da aka ɗora masa ko da saura, sannan na'urar sa ido kan zamba ta ce ta yarda da wannan cinikin ko ba ta yarda ba. Sai an wuce waɗannan duka ake zuwa ga kuɗi. Idan aka tsaya a ɗaya daga ciki, ko miliyan goma ce a asusun, ba wanda ya kai ga ganinta balle ya ɗiba.

Shi ya sa man da kika sha a POS ba hujja ba ne. POS ɗin gidan mai na cikin Najeriya, katin yana hannunki, kin danna lambar sirri da yatsanki. Wannan hanya ce daban da ta kamfanin da ke wata ƙasa, wanda ba ya riƙe da katin, kuma yake neman cire kuɗi da tsakar dare kina barci.

Farashi a naira, ciniki a waje

Nan ne mutane da yawa suke ruɗewa, har da ma'aikatan banki na kanta. Kin ga an rubuta 6,500 da alamar naira, sai ki ɗauka cinikin gida ne. Amma a ƙa'idar kamfanonin kati, abin da ake dubawa shi ne ƙasar da mai karɓar kuɗin yake, ba irin kuɗin da ya rubuta a allo ba. Idan kamfanin da bankinsa suna Ayilan ko Amurka, cinikin na ƙetare ne ko da a naira aka nuna miki, kuma bankinki zai lissafa shi cikin gejin da ya ware wa katinki na sayayyar waje. Kamar mai shago ne a Kwatano ya faɗa miki farashi da naira don sauƙinki. Hakan bai dawo da shagonsa kasuwar Balogun ba.

Wannan gejin yana da tarihi, kuma ya kamata ki san shi don ki gane dalilin da ya sa bankunanmu suke ɗari-ɗari. Duk sayayyar waje da kika yi da katin naira, banki naira yake cira a wurinki, amma shi kuɗin waje yake biya. Da dala ta yi wuya sai bankuna suka dinga rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje. A 2020 da yawa sun sauko da shi zuwa dala 100 a wata, a 2022 ya koma dala 20, daga ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023 kuma manyan bankuna da dama suka rufe ƙofar gaba ɗaya. Sai a tsakiyar 2025 wasu suka fara buɗewa, kowanne da nasa gejin: wani na wata uku-uku yake lissafi, wani kuma wasu nau'o'in katin kawai ya buɗe wa. Shi ya sa za ki ga mata biyu a shago ɗaya, banki ɗaya, katin wannan ya biya, na waccan ya ƙi.

Na tuna wani matashi daga Idi-Araba a lokacin gejin dala 20. Ya shigo ransa a ɓace, ya ajiye wayarsa a kan teburina yana nuna min naira dubu ɗari uku da 'yan kai a asusunsa, ya ce manhajar da yake ajiye lissafin shagonsa ta kulle shi a waje. Na buɗe tarihin katin. Ranar 3 ga wata wata manhajar kallo ta cire dala 9.99. Ranar 8 wata ta ajiyar hotuna ta cire dala 6.99. Jimla 16.98 ke nan, saura dala 3.02. Ranar 15 ta lissafin ta zo neman dala 4.99, aka ce mata a'a, saboda ta haura gejin da ƙasa da dala biyu. Ta kallon ma ya manta da ita, ƙanensa ne ya saka katin tun watanni baya. Amma abin da ya fi ba ni takaici shi ne layukan da ke ƙasa: ya sake gwadawa sau bakwai a cikin minti ashirin. Huɗun farko an ƙi su ne saboda geji. Daga na biyar dalilin ya canza, na'urar zamba ta ga kati ɗaya yana ta buga ƙofa ɗaya ba ƙaƙƙautawa, ta ɗauka ɓarawo ne ke gwada sa'a, ta rufe katin daga intanet baki ɗaya. Ya zo da matsala ɗaya, ya ƙara wa kansa ta biyu da hannunsa. Muka buɗe katin, ya soke ta kallon, ranar ɗaya ga sabon wata kuɗin ya fita ba tare da an taɓa komai ba.

Me ya canza tsakanin watan jiya da yau

Taki matsalar tana da alama guda da ta rage mana aiki: watan jiya ya biya. Ke nan a lokacin katin a buɗe yake ga intanet, a buɗe yake ga waje, kuma kamfanin yana karɓar irinsa. Ba sai mun ɓata lokaci a kan ko katin ya taɓa yin irin wannan biyan ba. Tambayar ita ce me ya bambanta biyan farko da na biyu.

Babban bambancin shi ne lambar nan da kika ce banki ya turo miki. A biyan farko kina nan, kin rubuta lambar katin, kin rubuta lambobi ukun bayansa, an turo miki OTP kin saka. Banki ya tabbata ke ce. A biyan wata na biyu babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Kamfanin ne da kansa ya ɗauko bayanan da ya ajiye ya aika wa banki, ba OTP, ba ma lambobi ukun bayan kati, don ƙa'ida ta hana su ajiye su. Abin da ake so shi ne saƙon ya zo da alamar cewa wannan ci gaban biyan da mai katin ta riga ta amince da shi ne, tare da shaidar biyan farko. Idan alamar ta zo daidai kuma bankin ya yarda da irin wannan ciniki, sai ya wuce. Idan alamar ba ta zo daidai ba, ko kuma tsarin bankin mai tsauri ne a kan duk cinikin waje da ba OTP, sai a mayar da shi. Na ga wannan sau da yawa, kuma shi na fi zargi a naki. Gwajinsa ba wuya: ki shiga shafin manhajar, ki cire katin, ki sake saka shi kamar sabo, ki biya da hannunki. Idan OTP ya zo kuma kuɗin ya fita, to shi ne. Sai dai ki sa a ranki wata mai zuwa ma mai yiwuwa sai kin sake yin haka, har sai bankin ya gyara nasa ɓangaren.

Abu na biyu da zan tambaye ki da kina gabana: kin canza kati a tsakanin nan? ATM ya haɗiye tsohon, ko ya ɓace, ko wa'adinsa ya ƙare aka ba ki sabo? Mutane sukan ce ai asusun ɗaya ne. Haka ne, amma kamfanin bai san lambar asusunki ba, lambar kati da ranar ƙarewarsa ya sani. Yana nan yana ta aika saƙo ga katin da ya mutu, ke kuma kina shan mai da sabon. Ko ba a canza ba, ki juya katin ki dubi watan da shekarar da ke jiki. Sabon kati kuma sau tari yakan zo da sayayyar intanet da ta waje a rufe, sai kin buɗe da kanki. A manhajar banki, ƙarƙashin sashen kati, akan samu maɓallai daban-daban na ATM da POS da Web da International. Biyun ƙarshe ne suka shafe ki. Wasu bankunan ma na ɗan lokaci suke buɗe na waje, in wa'adin ya cika ya rufe kansa.

Na uku shi ne irin na matashin can: wani abu ya cinye gejin kafin manhajar ta zo. Idan kina sayo kaya daga wani shagon intanet na Sin, ko kina biyan talla a Facebook ko Instagram da katin, ki lissafa su duka, don galibi tukunya ɗaya suke ci.

Maganar kuɗin kanta a wurinki ba ta taso ba, tazarar da ke tsakanin 6,500 da 200,000 ta yi yawa. Amma saboda masu karatu da ke saka kuɗi daidai wa daida: wanda farashinsa a dala yake, ba da canjin da ya gani a labarai za a cire masa ba, da na banki ne, kuma yakan ɗara. Akwai harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari da wasu kamfanonin ke ɗorawa a kan farashin da suka nuna. Sannan akwai bambanci tsakanin kuɗin da ke rubuce a asusu da wanda ake iya taɓawa, in an riƙe wani abu saboda bashi ko cinikin POS da bai gama warwarewa ba.

Tambayar da za ki yi wa banki

Kuskuren da ake yi shi ne a je a ce "katina ba ya aiki". Sai a duba asusu, a ga kuɗi, a ce lafiya lau, ki koma Agege da kuɗin mota a banza. Ki rubuta rana da lokacin da aka ƙi biyan, da adadin kuɗin, da lambobi huɗun ƙarshe na katin. Ki kira lambar da ke bayan katin ko ki je reshe, ki ce a haɗa ki da masu kula da kati, ki yi musu tambaya biyu. Ta farko: wannan cinikin ya iso wurinku? Ta biyu: da wace lamba kuka mayar da shi?

Duk cinikin da banki ya ƙi, yana mayar da shi ne da lamba mai nuna dalili, ke ce kawai ba a nuna miki, sai dai ki ga Declined a allo. Lamba 51 ita ce kuɗi bai isa ba. 54, wa'adin kati ya ƙare. 61, an haura geji. 57 tana nufin ba a yarje wa wannan katin irin wannan ciniki ba, wato galibi maɓallin intanet ko na waje a rufe yake. 91 kuwa na'urar bankin ce ba ta amsa ba a lokacin, wannan ba laifin kowa a cikinku, a jira a sake. Mai ban haushin ita ce 05, wadda ma'anarta kawai "ba mu yarda ba", babu ƙarin bayani. A ƙarƙashinta na'urar zamba takan ɓuya, kuma a nan biyan wata-wata da ba OTP yakan faɗa. In aka ce miki 05, kada ki tsaya nan, ki ce a duba wace doka ce ta tare shi, kuma a gaya miki ko katin yana karɓar biyan da ke maimaita kansa daga waje.

Idan kuwa suka ce cinikin bai iso wurinsu ba sam, to ki daina wahalar da banki, ba su ba ne. Kamfanin manhajar ko mai karɓar masa kuɗi ne ya tare katin tun a bakin ƙofa. Su ma suna da nasu masu gadin. Lambobin farko na kati suna nuna ƙasarsa da nau'insa, don haka in ƙasar da aka rubuta a asusun manhajar ba ta dace da ta katin ba, sukan ƙi. Wannan yakan samu waɗanda aka buɗe wa asusu a shagon waya a Computer Village aka zaɓa musu Amurka don wata manhaja ta sauka, ko masu barin VPN a kunne lokacin biya. Kati ya ce Najeriya, asusu ya ce Amurka, waya ta ce Jamus. Ko ni ne ba zan karɓa ba. Ki duba ƙasa da adireshin da ke cikin bayanan biyan, ki kashe VPN in kina da shi.

Daga nan inda nake ba zan iya ganin tarihin katinki ba, bankinki kaɗai ke ganinsa, shi ya sa na dage a kan lambar. Abin da na ba ki zato ne na wanda ya ga irinsa da yawa, lambar ce za ta yanke hukunci.

In katin ya ƙi gyaruwa

Hanya mafi sauƙi ita ce ki duba ko manhajar tana karɓar kuɗi ta wata ƙofar. Da yawa ana iya biyansu ta Google Play ko App Store maimakon shafinsu, kuma saƙon da zai je banki daga can daban yake, sai ki ga ya wuce. Google Play ma tun 2023 yana karɓar katin Verve na kamfanin Interswitch, wanda a naira yake aiki, alhali yawancin shafukan waje ba su san Verve ba. Sai dai ki fara soke biyan da ke shafin, kada wata rana duka biyun su cire.

Akwai kuma katin dala na cikin waya da kamfanonin hada-hadar kuɗi ke bayarwa. Yana aiki, ni ma ina da shi, amma da sharaɗi. Canjinsu yakan fi tsada, akwai kuɗin buɗewa da na zuba kuɗi, kuma wasunsu suna cin tara duk lokacin da aka nemi kuɗi babu, har su kashe katin in abin ya maimaitu. Ga mai biyan wata-wata wannan tarko ne, don manhaja ba ta gajiya da sake gwadawa. Wasu shafukan kuma ba sa karɓar irin wannan katin ko kaɗan. Wadda kasuwancinta ya dogara da manhajoji uku ko huɗu, ni na fi ba ta shawarar ta buɗe asusun dala a banki ta karɓi katinsa, ta zuba na wata shida ta huta. Amma don naira 6,500 kaɗai, wahalar ta fi ribar.

Abin da ba zan so ki yi ba shi ne ki ba wani ya biya miki a rahusa. Masu cewa za su saka miki shekara guda a rabin kuɗi, sau da yawa da katin sata suke biya, kuma ranar da mai katin ya kai ƙara, asusun da ke ɗauke da hotunan kayanki ne za a rufe. Haka nan in kika rubuta kokenki a ƙarƙashin shafin banki a Facebook ko X, cikin mintoci wani zai biyo ki da tambarin bankin yana cewa ki turo lambar kati da OTP a buɗe miki. Ma'aikacin gaskiya lambobi huɗun ƙarshe sun ishe shi.

Yau da daddare ki fara da maɓallan nan biyu da ranar ƙarewar katin, sannan ki cire shi ki sake sakawa ki gwada sau ɗaya. In ya ƙi, ki bar shi haka, kada ki ƙara dannawa, da safe ki kira banki a ba ki lambar dalilin ƙin. In kuma kika ga alat an cire kuɗin amma manhajar ba ta buɗe ba, kada ki sake biya a take. Yawanci riƙe shi aka yi cinikin bai kammala ba, yakan dawo da kansa cikin 'yan kwanaki. Ki ɗauki hoton alat ɗin ki ajiye, in mako ya wuce bai dawo ba ki kai wa masu kula da kati tare da rana da lokacin.